Aminina bai biya bashin baya ba, ya kuma dawo neman rance: ya halatta in hana shi?

Tambaya

Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da yadi da shadda a Kano. Ina da amini tun muna makarantar allo, iyalanmu ma sun san juna. Sau uku ina ba shi rance: Naira dubu 150 lokacin da aka yi wa matarsa aiki a asibiti, dubu 200 da ya ce zai ƙara jari, sai dubu 80 na kuɗin haya. Duk a ciki dubu 30 kawai ya dawo min da ita. Ba mu yi rubutu ba, babu shaida. Idan na tuna masa sai ya ce "wata mai kamawa", ga shi kwanan baya ya sauya waya, ya kuma yanka raguna biyu a sunan ɗansa. Yanzu ya zo yana neman dubu 250. Kuɗin da ke hannuna rabinsu na maigidan da ke ba ni kaya ne in sayar in kawo masa. Shin ina da zunubi idan na hana shi? Ya halatta in ce masa ba ni da kuɗi don kada ransa ya ɓaci? Kuma zan iya lissafa abin da nake bin sa a cikin zakkata in huta? Allah Ya ƙara wa Malam lafiya.

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, babu zunubi a kanka idan ka hana shi. Bayar da rance mustahabbi ne a asalinsa: wanda ya bayar yana da lada, wanda ya ƙi ba shi da laifi. Yana zama wajibi ne a halin larura ta gaske, kamar mutum ya zo maka yunwa ko ciwo na neman ransa ko ran iyalinsa, babu mai ceton sa sai kai, kai kuma kana da hali. Rancenka na farko, na aikin asibiti, shi ne ya yi kusa da wannan, kuma Allah Ya saka maka da alheri. Ba ka faɗi irin wannan dalili a kan dubu 250 ɗin nan ba.

Akwai ma abin da ya wuce halacci a maganarka. Ka ce rabin kuɗin na wanda ke ba ka kaya ne. Wannan rabin amana ce, ba ka da ikon ranta wa kowa shi sai da izinin mai shi, ko da mai neman rancen ɗan'uwanka ne uwa ɗaya uba ɗaya. Idan ka bayar ya salwanta, kai za ka biya, ga laifin taɓa amana a kai. 'Yan kasuwa da yawa ta nan suke karyewa: kunya ta sa su ba da kuɗin mutane, ranar lissafi kuma wanda suka ji kunyarsa ba ya wurin. Ragowar rabin naka ne, amma shi ma akwai haƙƙin iyalinka a ciki, su ne ciyar da su ya wajaba a kanka.

Abin da ya kamata ka tsaya ka tantance shi ne halin abokin naka, domin Shari'a ta raba masu bashi gida biyu, kowanne da hukuncinsa. Na farko shi ne wanda yake cikin ƙunci da gaske. Allah Ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 280, idan wanda ake bi yana cikin ƙunci a saurara masa har ya samu sauƙi, in kuwa aka yi masa sadaka da shi ya fi alheri. Irin wannan ba ya halatta a matsa masa ko a kunyata shi. Na biyu shi ne mai hali da yake jan ƙafa. A kansa ne Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce jinkirin mawadaci zalunci ne, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira.

Ta yaya za ka gane? Mai ƙunci na gaskiya shi ke riga ka tayar da maganar. Yakan kawo abin da ya samu ko dubu biyar ce, ya ce ka rage. Kuma za ka ga ƙuncin a gidansa. Mai jan ƙafa kuwa bakinsa ba ya rabuwa da "wata mai kamawa", watan ya kama ya shuɗe ba kira ba bayani, amma kuɗin abin da ransa yake so ba ya gagara. Sabuwar waya da raguna biyu alama ce mai ƙarfi, musamman da yake a mazhabar Malikiyya rago ɗaya ya wadatar a suna, namiji aka haifa ko mace, kuma yankan suna ba ya gaban biyan bashin da lokacinsa ya yi. Sai dai alama ba hujja ba ce. Mai yiwuwa surukinsa ne ya kawo rago ɗaya, mai yiwuwa wayar kyauta ce. Ni na ji daga bakinka kaɗai, saboda haka ba zan kira shi azzalumi ba. Ka tambaye shi.

Amma ka lura da wannan: ko da ta tabbata mai ƙunci ne, ayar ta wajabta maka jinkirta masa tsohon bashi ne kawai, ba ta wajabta maka ƙara masa sabo ba. Mutane kan haɗa biyun nan su rikita kansu. Idan kuma mai jan ƙafa ne, hana shi taimako ne gare shi. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce ka taimaki ɗan'uwanka ko shi ne mai zalunci ko wanda aka zalunta, ya kuma fassara taimakon mai zalunci da hana shi yin zaluncin. Ya kuma ce wanda ya karɓi dukiyar mutane da niyyar biya Allah zai biya masa, wanda ya karɓa da niyyar salwantar da ita Allah zai salwantar da shi. Mutumin da ya kasa sauke dubu 400, ka ɗora masa wata 250, nauyin da zai je lahira da shi ka ƙara masa.

Sai maganar "ba ni da kuɗi". Idan kana da su, wannan ƙarya ce, kuma abota ba ta halatta ta. Wasu za su ce maka ka yi tauriyya, ka ce "babu a hannuna" kana nufin tafin hannunka. Malamai sun yi rangwame a tauriyya idan akwai buƙata, amma a nan ba na ba ka shawararta, domin ba ta magance komai. Ka ce babu yau, zai dawo bayan sati biyu. Ran da ya gan ka kana sauke dilar shadda a ƙofar shago zai san ka yi masa ƙarya, daga nan kai da ke da gaskiya ka koma mai ba da haƙuri. Allah Ya ce a Suratul Isra'i, aya ta 28, idan ba za ka iya bayarwa ba ka faɗa musu magana mai sauƙi. Sauƙin yana cikin lafazi ne, gaskiyar kuma tana nan yadda take.

Ka same shi ku biyu, ba a shago gaban yaranka ba, ba kuma ta saƙon waya ba. Ka ce masa kamar haka: "Abokina, tsakanina da kai babu ɓoye-ɓoye. Ba zan iya ƙara ba ka rance ba. Akwai dubu 400 a tsakaninmu, kuɗin da nake juyawa kuma rabinsu na mutane ne. Ina gudun kuɗi su raba mu. Faɗa min gaskiyar halin da kake ciki, mu san yadda za mu yi da na baya." Kada ka kawo zancen wayarsa da ragunansa da gatse, kada ka jero masa alherin da ka yi masa, domin gori yana ɓata lada. Kada kuma ka rufe da "bari mu gani" alhali ka riga ka yanke. Idan ka ga buƙatarsa ta gaske ce kuma zuciyarka ba ta natsu ba, ka ba shi dubu 10 ko 20 daga naka kyauta, ka faɗa masa kyauta ce.

A zaman nan ne za ku gyara abin da kuka bari tun farko. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Jumhurun malamai sun ɗauki umarnin a matsayin mustahabbi, don haka ba ku yi saɓo ba, amma ga abin da barinsa ya jawo. Ku rubuta yanzu: jimilla dubu 430, an biya 30, saura 400, shi ya sa hannu, mutum biyu adilai su shaida. Wannan kariya ce gare ku duka, domin idan ɗayanku ya rasu magada ba su san abin da ke cikin zukatanku ba.

In ka ga dama ka sauƙaƙa masa. Ka'abu ɗan Maliku ya taɓa bin Ibn Abi Hadrad bashi a masallaci har muryoyinsu suka ɗaga, sai Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi wa Ka'abu ishara da ya yafe rabi, ya amince, sannan ya ce wa wanda ake bi ya tashi ya biya. Kai ma kana iya yafe dubu 100, sauran 300 ya riƙa kawo dubu 25 duk wata, shekara guda ya gama. Yafewar zaɓinka ce, ba dole ba. Sai dai ka yi tunani kafin ka furta: abin da ka yafe ba ya dawowa, kuma a wurin Imam Malik wa'adin da ka ba mai rance yana lizimtarka, ba za ka zo bayan wata uku ka ce a ba ka duka ba. Kuma ba ya halatta ka ƙara ko kwabo a kan dubu 400 saboda jinkirin da ya yi, wannan riba ce.

Idan ya ƙi zama, ko ya musanta, kana da haƙƙin kai ƙara wurin wanda zai iya sa shi ya biya: yayansa, limamin unguwarku, shugabannin kasuwa, har kotu. Iyakar abin da aka halatta maka ke nan, ka faɗa wa mai iya karɓo maka haƙƙinka. Zagaya majalisu da labarinsa ko yi masa habaici a waya ba ya ciki.

Zakka kuwa, a'a. Jumhurun malamai, har da Malikiyya, ba su yarda a yafe wa matalauci bashi a lissafa shi zakka ba, domin mai yin haka dukiyarsa da ta maƙale yake ceto da haƙƙin talakawa. Idan ya tabbata abokinka yana cikin waɗanda bashi ya yi wa katutu, waɗanda aya ta 60 a Suratut Tauba ta ambata, kana iya ba shi zakka a hannunsa ba tare da sharaɗi ko haɗin baki cewa zai maido maka ba. Mai jan ƙafa da yake da abin biya kuwa ba ya cikinsu.

Wataƙila ya yi fushi, ya ɗauke ƙafa. Wannan ba laifinka ba ne matuƙar ka faɗi gaskiya da ladabi. Abin da ke kanka shi ne kada ƙauracewar ta fito daga wajenka, domin ba ya halatta Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku. Ka ci gaba da yi masa sallama, ka duba shi in ba shi da lafiya, ka je masa biki da ta'aziyya. In ya sake tayar da maganar rance, ka maimaita masa amsar farko ba tare da ka buɗe sabuwar muhawara ba.

Wallahu a'alam.