Dalilin Haɗa Gishiri da Sukari Lokacin Gudawa

Tambaya: "Ɗana yana gudawa kamar ruwa a nan Zariya. Yaya ruwan gishiri da sukari zai taimaka, alhali komai fita yake yi?"

Baiwar Allah, ba komai ne ke fita ba. A bangon ƙaramin hanji akwai wata ƙofa da ake kira SGLT1, wadda ba ta shigar da sodiyam na gishiri sai tare da gulukos, wato wani nau'in sukari, kuma gudawa, har ma kwalara, ba ta cika rufe ta ba. Duk gulukos ɗaya yana shiga da sodiyam biyu, ruwa kuma ya bi su zuwa jini.

Shi ya sa awo yake da muhimmanci, domin idan sukari ya yi yawa, kamar a lemon kwalba, sai ya jawo ruwa cikin hanji, gudawar ta ƙaru. Ki narkar da fakiti ɗaya na ORS, wato haɗaɗɗen garin gishiri da sukari na masu gudawa, a lita ɗaya ta tafasasshen ruwan da ya huce, ki zubar da ragowar bayan awa 24. Yaron da bai kai shekara 2 ba ya sha mililita 50 zuwa 100 bayan kowane bayan gida, cokali-cokali, ana ci gaba da ba shi nono. Idan ya yi amai, ki dakata minti 10 ki ci gaba. Amma idan idanunsa sun faɗa, ya kasa sha, ko kin ga jini, ki garzaya asibiti.