Maleji na cewa 100, waya na cewa 93: wa za a yarda da shi?

"Kawu, ina da jirgin Abuja a Kano ƙarfe goma sha ɗaya na safe, daga Katsina zan taso. Malejin motata na nuna 100 amma waya ta ce 93. Motar ce ta lalace? Kuma ƙarfe nawa zan fita? Hankalina ya tashi." Wata malamar makaranta, Ƙofar Ƙaura.

Ɗiyata kwantar da hankalinki, motarki lafiya lau take, haka aka ƙero ta. Maleji ba ya ganin titi, juyin taya kawai yake ƙirgawa, sai ya ninka da girman tayar da kamfani ya sa wa motar tun asali. Kuma akwai ƙa'idar da masu ƙera motocin Turai da wasu ƙasashe da yawa ke bi, wadda ta ce maleji bai isa ya nuna ƙasa da gudun gaskiya ba ko da kilomita ɗaya, amma an yarje mashi ya haura da kashi 10 cikin ɗari da ƙarin kilomita 4. Wato kina gudun 100 na gaskiya allura ta hau har 114, kuma bai saɓa ba. Shi ya sa kamfanoni ke ɗan ƙara mashi da gangan. Ita kuwa waya daga tauraron ɗan adam take auna tafiyarki, ba ruwanta da taya, idan titi miƙaƙƙe ne kuma kin riƙe gudu ɗaya to ita ta fi kusa da gaskiya. Inda take shirme shi ne lokacin da kika taka birki ko kika ba da wuta, don kamar sau ɗaya a daƙiƙa take sabunta lamba, sai ta riƙa biyo ki a baya, haka ma tsakanin dogayen gine-gine. In za ki gwada, ki sami miƙaƙƙen wuri ki tsayar da allura a kan 80, wanda ke gefenki ya karanta maki wayar, ba ke da ke riƙe da sitiyari ba.

Yanzu lissafin jirgi. Katsina zuwa Kano kamar kilomita 170 ne. In kika raba da 100 za ki samu awa ɗaya da minti 42, in kika raba da 93 kuma awa ɗaya da minti 50. Kin ga duk abin da ya tayar maki da hankali minti takwas ne. Ɓarawon lokacin yana wani wuri daban, ba wanda ke riƙe 93 tun daga Katsina har Kano, ga Charanci, ga Kankiya, ga Bichi, ko'ina sai kin sassauta, ga shingen jami'ai, ga tirela da za ki bi a baya kafin ki samu wucewa, ga uwa-uba cunkoson Dawanau zuwa cikin gari. In aka haɗa duka, a ce matsakaicin gudunki ya dawo 70, tafiyar ta zama awa biyu da minti 26. Wannan ita ce lambar da za ki yi shiri da ita. Ki ɗora minti talatin na ko-ta-kwana, ki ɗora awa ɗaya da rabi na zaman filin jirgi, sai ki ga ƙarfe shida da rabi ya kamata a ce kin fita gida. Ki sha mai tun ana gobe tafiya, ki sa mai faci ya auna iska. Allah ya kai ki lafiya.

"Ni tawa akasin haka ce, na sa manyan tayoyi don mota ta ɗaga saboda ramuka, yanzu waya ta fi maleji. Riba na ci ko?" Direba, Daura.

Wace riba kuma ƙanena? Ka cinye tazarar da kamfani ya bar maka don kare kanka. Dubi rubutun da ke gefen taya. 195/65 R15 tsayinta daga ƙasa zuwa sama kamar milimita 635 ne, 215/70 R15 kuwa kamar 682, ƙarin kashi bakwai da rabi cikin ɗari kenan a kowane juyi, shi kuwa maleji bai san an canza ba, yana nan yana lissafi da tsohuwar taya. Motar da a da take gudun 97 in allura na kan 100 yanzu 104 take yi, kai kuma kana zaune kana ganin ka bi doka. Girman tayar da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba ko a littafin mota, can za ka duba.

Kuma tunda ka taɓo taya bari in faɗi abin da ke ci mani rai, don na san ba sabbi ka saya ba, Beljiyam ka kwaso. Mutum zai kashe kuɗi a kan fitilu masu walwali da sifika mai girgiza unguwa, amma abu huɗun da ke riƙe da ransa a kan kwalta sai ya je ya tsinto wanda wata ƙasa ta yar. A shafa mata baƙin mai ta yi sheƙi, wata ma a bi zanenta da wuƙa a ƙara mashi zurfi, a ce maka "kamar sabuwa Alhaji". Kafin ka ba da ko sisi ka nemi inda aka rubuta DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwarta, 2318 na nufin mako na 23 na shekarar 2018. In ka ga an kankare wurin ka ajiye ta ka yi gaba. Ka lanƙwasa gefenta ka duba ƙananan tsaga, ka shafa ka ji ko da kumburi. Tsohuwar roba da zafin kwaltar watan Afrilu a hanyar Mashi da lodin mutum shida da buhuna a but, wallahi ba a haɗa su. Sannan mafi muni masu haɗa girma biyu a mota ɗaya, gaba daban baya daban, har hagu da dama daban, don ita ce ta samu da araha. Ko tayar kirki in zanenta ya cinye tana raguwa da kusan kashi biyu cikin ɗari, maleji ya ƙara zuzuta gudu, balle wannan kwamacala. Gara ka sayi biyu sabbi bana ka sayi biyu baɗi.

"In sayi ɗan allon GPS da ake liƙawa gaban mota don in riƙa isa da wuri?"

Allo ke tuƙa ka? Wayar da ke aljihunka tana yin aikin kyauta. Kuma Katsina zuwa Daura kilomita 80 ne ko kusa, a gudun 100 minti 48, a 120 minti 40, kan minti takwas za ka ƙure maleji tsakanin awaki da 'yan acaɓa. Ka riƙe kuɗinka ka tashi da wuri.

"Motata 'yar Amurka ce, allura na kan 60 waya na cewa 96."

Mil kake karantawa malam. Manyan lambobin mph ne, mil ɗaya kilomita 1.6, ƙananan na ciki su ne km/h. Da su za ka yi lissafi, da su kuma 'yan rod sefti ke magana.