Yadda ake fitar da awoyin aiki da kuɗin ma'aikata kafin a rubuta kasafi

Tambaya: "Assalamu alaikum. An ɗora mini rubuta kasafin kuɗin ma'aikata na wani aikin fenti da za mu yi cikin mako takwas. Na ninka yawan mutanen da nake tunanin za su isa da albashinsu, amma shugabana ya ce lissafin ba shi da tushe. Ta ina ake farawa?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Shugabanka yana da gaskiya, domin yawan mutane shi ne abin da ake ganowa a ƙarshen lissafi, ba da shi ake buɗewa ba. Ana farawa ne da auna aikin kansa, a mayar da shi awoyi, a mayar da awoyin kuɗi, sannan a raba su a kan wa'adin da aka bayar don a ga mutum nawa ake buƙata. A shekarun da na yi ina duba irin waɗannan takardu, kusan duk kasafin da na ga ya gaza wuri biyu ne suka kayar da shi: an ɗauka kowace awar da aka biya awar aiki ce, kuma an ɗauka albashin ma'aikaci shi ne duk abin da yake ci wa mai aiki. Zan bi da kai ta cikin misali guda, da alkaluman da na zaɓa don sauƙin lissafi, kai kuma ka maye gurbinsu da naka, ko da wane irin kuɗi kuke biya.

A ce bangon da za a shafa murabba'in mita 3,000 ne, akwai kuma ƙofofi da tagogi 60. Kada ka rubuta "fenti" a layi ɗaya, ka tsinka shi gida-gida yadda kowane gida zai sami abin aunawa. Gyaran bango, wato kankarewa da cike tsaga, idan kowace mita tana cin awa 0.10, ya zama awa 300. Shafin farko a kan awa 0.08 ya zama awa 240. Shafi biyu na sama, kowanne a kan awa 0.09, sun zama awa 540. Ƙofofi da tagogi a kan awa 2 kowace ɗaya sun zama awa 120. Jimilla awa 1,200 ke nan na aikin hannu zalla. Inda za ka samo saurin aikin shi ne abin da ya fi komai muhimmanci a wannan mataki: mafi inganci shi ne rajistar wani aiki makamancinsa da kuka taɓa yi, sai kuma gwaji a ɗaki ɗaya ko biyu ana duba agogo. Idan da baki za ka tambaya, ka tambayi wanda zai riƙe burushin da kuma wanda zai karɓi aikin, domin na farko yakan faɗi saurinsa na ranar da komai ya tafi daidai.

To, a nan ne kuskure na farko yake. Awa 1,200 ɗin nan lokacin da hannu yake kan bango ne kawai. Ma'aikacin da ake biya awa 8 a rana ba ya yin awa 8 yana shafi. Akwai dama fenti, ɗaurawa da kwance katakon hawa, rufe daɓe, wanke kayan aiki, jiran kaya, da tafiya daga ɗaki zuwa ɗaki. Idan ka lura ka ga abin da yake tsira awa 6 ne cikin 8, to kashi 75 cikin ɗari na lokacin ne ke zama aiki. Don haka sai ka raba 1,200 da 0.75, ka sami awa 1,600 da za a biya. Ka lura da kyau cewa rabawa ake yi, ba ƙari ba. Mutane da yawa suna cewa tunda kashi 25 ke salwanta, bari su ƙara kashi 25 a kai, sai su sami awa 1,500, su bar awa 100 a waje ba su sani ba. Dalili kuwa shi ne kashi 25 ɗin daga awoyin da aka biya ake cire shi, ba daga awoyin aikin hannu ba.

Akwai sharaɗi a kan wannan gyara. Idan saurin aikin da ka yi amfani da shi daga tsohuwar rajistar biyan kuɗi ka samo shi, wato ka raba dukan awoyin da aka biya da yawan mitocin da aka gama, to lokacin jira da na shiri ya riga ya shiga ciki, kuma sake raba shi da 0.75 zai kumbura kasafin ba gaira ba dalili. Gyaran na alkaluman da aka auna da agogo ne lokacin da mutum yake tsaka da aiki. Ka rubuta a gefen kowane layi daga inda ka samo lambar, domin wannan ne tushen da shugabanka yake nema.

Kuskure na biyu yana wajen farashin awa. A ce albashin mai fenti 10 ne a kowace awa, kuma ma'aikacin dindindin ne. Mako 52 sau awa 40 ya ba da awa 2,080 a shekara, albashinsa ke nan 20,800. Amma ba duk awoyin nan yake wurin aiki ba: a ce hutun shekara kwana 20 ne, ranakun hutun gwamnati 10, rashin lafiya kwana 5, jimilla kwana 35 ko awa 280 da ake biyansa ba ya nan. Abin da ya rage awa 1,800 ne. Sannan akwai abin da mai aiki yake kashewa a kansa bayan albashi, kamar gudummawar fansho, inshora, kayan kariya da alawus. A misalinmu mu ce 4,400 a shekara. Kuɗin da yake ci gaba ɗaya ya zama 25,200, idan kuma ka raba da awa 1,800 da yake zuwa aiki, kowace awa ta tashi a kan 14, ba 10 ba. Yawan kwanakin hutu da abin da doka ta wajabta wa mai aiki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, saboda haka ka karɓi naku daga ofishin da ke biyan albashi. Idan kuwa 'yan biyan yini za ka ɗauka, yawancin wannan ƙari ba ya hawa kansu, sai dai ka duba yarjejeniyarku a kan ranar da suka zo amma aiki bai yiwu ba.

Yanzu ka ninka: awa 1,600 sau 14 ya zama 22,400 na masu fenti. Wanda ya ninka 1,200 da 10 zai rubuta 12,000, wato ƙasa da kashi 55 cikin ɗari na abin da za a kashe a zahiri, alhali bai yi kuskuren ninkawa ko ɗaya ba.

Sai a nan batun yawan mutane yake shigowa. Mako takwas sau awa 40 ya ba kowane mutum awa 320, kuma 1,600 a raba da 320 ya ba da masu fenti biyar waɗanda dole su kasance a wurin kullum. Tunda ma'aikaci yana zuwa ne awa 1,800 cikin 2,080, gara a sa mutum shida a jerin sunaye don a riƙa samun kimanin biyar a kowace rana. Kada ka ƙara kuɗi saboda na shidan, domin kuɗin rashin zuwa yana cikin farashin 14 ɗin tun farko.

Akwai kuma ma'aikatan da kuɗinsu ba ya bin yawan mitoci, tsawon lokaci yake bi. Lebura biyu na tsawon aikin awa 640 ne, a kan 8 ya zama 5,120. Mai kula da aiki da zai ba ku rabin lokacinsa awa 160 ne, a kan 20 ya zama 3,200. Jimillar kasafin ta kai 30,720. Ni a ra'ayina ya kamata waɗannan su zauna a sashe nasu daban, saboda duk makon da aikin ya ƙara za su ci 1,040, ko da jiran bushewar bango ake yi. A ƙasa kuma ka sa kuɗin ko-ta-kwana a layinsa a fili. A kashi 10 cikin ɗari 3,072 ne, kasafin ya tsaya a 33,792. Ba na son a ɓoye shi cikin awoyi ta hanyar ƙara wa kowane layi ɗan abu, domin idan aka yi haka babu wanda zai iya cewa ga inda aka wuce gona da iri.

Idan aka ce maka a gama cikin mako huɗu, lissafin takarda zai ce mutum goma, amma kada ka yarda da shi ido rufe. Shafi na biyu ba ya hawa sai na farko ya bushe, ɗaki kuma ba ya ɗaukar mutane fiye da kima, sababbin hannu kuwa sai sun ci lokacin tsofaffi kafin su saba. Haka aikin ƙarin lokaci yake: a wurare da yawa ana biyansa ninki ɗaya da rabi na albashi, ga shi kuma awar da gajiyayye ya yi ba ta kai ta safiya yawan aiki ba, saboda haka ana biya da tsada a sami kaɗan.

Kasafin nan zai yi maka amfani bayan an fara aiki idan kana gwada awoyin da aka biya da aikin da aka gama a ƙarshen kowane mako. Bayan mako biyu, masu fenti biyar sun ci awa 400, kuma bisa lissafinmu ya kamata a ce sun gama aikin awa 300, wato gyaran bango gaba ɗaya. Idan ka auna ka tarar mita 2,400 kawai aka gyara, aikin awa 240 ke nan, ma'ana ana samun 0.60 maimakon 0.75. In aka ci gaba a haka, 1,200 a raba da 0.60 zai kai awa 2,000: ƙarin awa 400 da za su ci 5,600, da ƙarin mako biyu na lebura da mai kula da za su ci 2,080. Jimilla 7,680, fiye da ninki biyu na kuɗin ko-ta-kwana. Kafin ka kai wa shugabanka wannan lamba, ka duba ko matsalar ta gyaran bango ce kaɗai, misali bangon ya fi lalacewa fiye da yadda aka zata, ko kuwa ta shafi aikin duka, kamar jinkirin kawo kaya. Idan ta farko ce, mita 600 da suka rage za su ci awa 100 kawai, wato ƙarin 1,400 da jinkirin da bai kai mako ɗaya ba, sauran layukan fenti kuma su tsaya yadda suke. Idan ta biyu ce, sai a sake lissafin kowane layi da 0.60, a nemi ƙarin kasafi tun a mako na uku.