Oksijin 96 amma bugun zuciya 112, lafiya ke nan?

"Jama'a na'urar yatsa na saka wa Baba, yana zazzaɓi da tari, ta nuna SpO2 96, PR 112, RR 26. Tunda oksijin ya yi kyau ba matsala ko?"

Allah ya ba Baba lafiya ɗan'uwa, amma gaskiya kar 96 ɗin nan ta sa ka saki jiki. Babban mutum in yana hutawa bugun zuciyarsa, wato PR, 60 zuwa 100 ne a minti, numfashi, wato RR, 12 zuwa 20, to ka ga biyu sun haura. In huhu ya fara samun matsala jiki ba ya bari oksijin ya faɗi nan take, sai ya ƙara saurin numfashi zuciya ma ta ƙara gudu, shi ya sa sau da yawa SpO2 ce ke sauka a ƙarshe, wato wataƙila da haki Baba yake riƙe da 96 ɗin.

Zazzaɓi kaɗai yana ƙara bugu kamar 10 a kowane digiri ɗaya, ƙarancin jini ma yana sa zuciya gudu alhali oksijin na nuna daidai. Ni 26 ɗin ce ta fi damuna.

Ka fara tabbatarwa tukuna. Taɓa jijiyar wuyan hannunsa ka ƙirga na minti ɗaya, in bai zo kusa da PR ba to SpO2 ɗin ma kar ka yarda da ita, yatsa mai sanyi ko motsi na rikita ta. RR kuwa kintace na'urar ke yi, ka kalli ƙirjinsa yana ɗagawa ka ƙirga da kanka bai sani ba. In har yanzu ya wuce 24 don Allah ku kai shi asibiti yau, kar ku jira oksijin ya sauka.