Me ya sa tabilet ke jan jiki wajen caji a jikin kwamfuta ko talabijin?

Tambaya: Salam malam, kan cajata ya ɓata shi ne nake jona tabilet ɗina a laftof ko bayan talabijin, amma sai ya wuni bai cika ba. Batirin ne ya mutu?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Da wuya a ce batiri ne, ramin da kake jonawa ne ba shi da ƙarfi. Shi ramin USB na kwamfuta asalinsa don ƙananan na'urori irin su maus da kibod aka yi shi, to ƙa'idar USB 2.0 ba ta wuce 5V da 500mA, in ka ninka su wat 2.5 ke nan kacal. Wanda cikinsa shuɗi ne wato USB 3.0 yana kai 900mA, wat 4.5. Na talabijin ma yawanci in ka leƙa gefen ramin za ka ga an rubuta 5V 500mA. Kan caja na tabilet kuwa 5V 2A yake bayarwa, wat 10, wasu har 20.

Bari mu yi lissafi. Ɗauki tabilet mai batiri 7000mAh, yana riƙe wutar da ta kai kusan wat 27 na awa ɗaya. Raba 27 da 10, kusan awa uku, da ɗan abin da ke tafiya a zafi da kuma yadda caji ke rage gudu in ya kusa cika sai ka ce awa huɗu. Raba 27 da 2.5 kuma ka ga kusan awa 11, wannan fa in allon a kashe yake. In kana kallon bidiyo allon da injin kaɗai za su iya cinye wat ɗin nan gaba ɗaya, shi ya sa za ka ga alamar caji tana nan amma lamba ba ta motsi ko ma tana sauka, iPad har rubuta Not Charging yake yi.

Kuma tabilet ɗin da kansa yake rage jan wuta. Yana duba wayoyin data guda biyu na cikin kebul, in ya gane kwamfuta ce sai ya tsaya a iyakarta don kada ya fi ƙarfin ramin. Na'urar karanta littafi irin su Kindle ita ma haka take yi, sai dai batirinta ƙarami ne sosai don haka jinkirin bai kai na tabilet ba.

Kafin ka sayi caja, kashe allon ko ka kashe tabilet ɗin ɗungurungum in ka jona, ka bar talabijin a kunne domin da yawa suna yanke wutar USB da zarar an kashe su da rimot, laftof ma haka in ta yi barci. In tana da ramin USB-C gwada shi, wasu suna ba da wat 15. Amma ni dai shawarata ka nemi kan caja mai kyau da aka rubuta 5V 2A ko sama a jikinsa, da kebul mai kauri. In da shi ma bai cika cikin awa huɗu zuwa biyar ba, to a nan ne za ka kai wa mai gyara ya duba ramin cajin da batirin.