Ra biyu a bakin Bahaushe, harafi ɗaya a takarda: yaya za a rubuta su?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a sashen nazarin harsuna a nan Damagaram. Na naɗi hirar wasu dattawa a unguwar Birni, ina rubuta furucinsu da alamomin IPA, wato haruffan rubuta sauti na ƙasa da ƙasa. Da na koma kan aikina sai na tarar kalma ɗaya na rubuta ta da [r] a shafi na biyu, da [ɾ] a na biyar, wani wurin ma da [l]. Ta yaya zan tsaya a kan ƙa'ida ɗaya?

Amsa: Malama, kunnenki lafiya lau yake. Abin da ya rikita miki aiki shi ne kin haɗa rubutu iri biyu a shafi ɗaya: rubutun ƙwayar sauti, wanda ake sawa tsakanin / /, da rubutun yadda sautin ya fito a bakin mutum a wannan karon, wanda ake sawa tsakanin [ ]. Ki buɗe layi biyu ga kowace jimla, rabin wahalar ta tafi.

A layin farko zaɓi uku kawai gare ki. Akwai ra-kaɗe, /ɽ/, ra ɗin ruwa, rana, rami da sarki. Kan harshe yakan lanƙwashe baya zuwa wajen ganɗa, sannan ya faɗo gaba ya shafi hanƙa sau ɗaya yana wucewa. Akwai ra-gare, /r/, ra ɗin riba, rahama da har. Nan kan harshe daga ƙasa yake tashi ya bugi hanƙa, bayan haƙoran sama, ba tare da ya lanƙwashe ba. Sai ɗan jirge, /l/, inda harshe ke dafe hanƙa ya tsaya, iska ta bi ta gefe. Shaidar cewa ra biyun nan ƙwayoyin sauti ne daban tana cikin kalmar bara: baran sarki da /ɽ/ ne, barar almajiri da /r/, alhali karin sauti da tsawon wasalinsu iri ɗaya ne.

[r] da [ɾ] da suka dame ki kuwa, fuska biyu ce ta ra-gare. In dattijo yana magana da sauri, harshensa bugu ɗaya zai yi, wato [ɾ]. In ya nanata kalmar, ko ra biyu ne a jere kamar a shahararre, sai harshen ya karkaɗa sau biyu ko uku, wato [r]. Ma'ana ba ta canza ba, don haka a layin farko /r/ za ki sa duk biyun. Yawan bugun aikin layi na biyu ne.

Kafin ki dogara da kunne, ki fara tambayar kalmar asalinta da inda ra ɗin ya zauna, domin sau da yawa amsar tana nan. A ƙarshen kalma kusan kullum ra-gare ne: har, biyar, Zindar. Haka -r ɗin nasaba ta mace: rigar, ƙofar, motar. Haka gaban t, d, ɗ da n. Kalmomin aro daga Larabci, Faransanci da Ingilishi yawanci da ra-gare suka shigo, kamar rahama da rediyo. Sannan duk inda t, d, ɗ, s ko z suka rikiɗe suka zama ra a ƙarshen gaɓa, ra-gare ne: fatake amma farke, kaɗa amma karkaɗa, maza amma marmaza. Wanda ya fi kama ɗalibai shi ne aikatau bari: a "ya bari" ra-kaɗe ne, amma a "ya bar gida" wasalin ya faɗi, ra ya koma ƙarshe ya zama ra-gare. Wannan sauyi ba rashin daidaito ba ne, kada ki gyara shi.

Mu gwada da jimla guda: "Baran sarki ya sha ruwa, ya ba mai bara rabin kuɗin motarsa." Ra shida ne a ciki. Motarsa ta warware kanta, -r ɗin nasaba ce, /r/. "Ruwa" da "rabin" kalmomin gida ne da ra a farko, /ɽ/. Sarki ita ce mai tarko: ra ɗin yana ƙarshen gaɓa, amma ba daga wani baƙi ya rikiɗo ba kuma k ke binsa, don haka /ɽ/ ne. Baran da bara kuwa ma'ana ce ta raba su. Kin ga kafin ki saurari komai kin san abin da kike tsammani, kuma duk inda dattijon ya saɓa wa wannan tsammani, nan ne abin lura yake.

In kunne ya yi shakka, ki buɗe kalmar a Praat, manhajar nazarin sauti. Ra-gare mai karkaɗawa zai nuna ƴan gibi biyu ko uku a jere cikin hoton sautin. Bugu ɗaya gibi ɗaya ne, gajere, wajen milisakan 20 zuwa 30. Ra-kaɗe ma gibi ɗaya ne, shi ya sa ƙirga gibi ba zai raba [ɾ] da [ɽ] ba. Layin F3, wato na uku daga ƙasa cikin layukan amon wasali a hoton, za ki duba a wasalin da ya gabata: gaban [ɽ] yakan sunkuyo ƙasa yayin da harshe ke naɗewa baya, gaban [ɾ] kuwa ba ya yin wannan faɗuwar. Ki fara da kalmomin da wasalin a ya kewaye ra, nan abin ya fi fitowa sarai.

Batun [l] hanya biyu ce. Ra-kaɗe a bakin wasu yakan ɗan saki iska ta gefe, sai kunne ya ji kamar la. Wannan /ɽ/ ne har yanzu. Amma a karin harshen yamma akan ji halshe a maimakon harshe, da biyal a maimakon biyar, kuma wannan la ne na gaskiya. Damagaram gari ne na baƙi da fatauci, saboda haka ki rubuta asalin kowane mai magana a kan takardarsa. Gwajin mai sauƙi ne: la yana jawuwa, mutum zai iya riƙe shi daƙiƙa biyu, in ya shaƙi iska ya ji sanyi a gefen harshe. Ra-kaɗe ba ya jawuwa. In halshe dattijo ya ce, /l/ za ki rubuta, kada ki mayar masa da Hausar littafi. In ya sako Faransanci da ra ɗin beli, ki sa [ʁ] a layi na biyu ki nuna kalmar ba ta Hausa ba ce. In da kan harshe ya faɗe ta, ta bi sahun /r/.

Ki kula da alamomin littattafai. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya riga ya bambanta ra biyun, kuma a nahawun Paul Newman na 2000 r̃ ne ra-gare, r zalla kuma ra-kaɗe. A IPA kuwa r zalla shi ne ra-gare, wannan lanƙwasar ta sama kuma alamar ɗan hanci ce. Wanda ya kwafi misali daga littafin ya liƙa cikin layin IPA ya juya kalmar ke nan, baran sarki ya koma barar almajiri. Ki zaɓi tsari ɗaya, ki bayyana shi a shafin farko.

Wajen bugawa, ɽ da ɾ suna kama a ƙaramin rubutu, kuma lambobinsu maƙwabta ne:

```
ɽ  U+027D
ɾ  U+027E
ʁ  U+0281
```

Bayan kin gama, ki nemi ɾ a layin ƙwayar sauti. Bai kamata ko ɗaya ya fito ba. Duk wanda ya fito, ko /r/ ne, ko kuma ɽ ne yatsa ya kuskure.