Taken kayana ya wuce harufa 80, wanne zan cire wanne zan bari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina saida rigunan waya a eBay, to wajen rubuta taken kaya harufa 80 kawai suke bari, ni kuma an ce min in dinga maimaita kalmar da mutane suke nema don kayana ya fito a sama. Ga wanda na rubuta, ya ƙi shiga duka, don Allah wanne zan cire?

```
Phone Case Samsung Case Galaxy A54 Case Cover Phone Cover Best Quality Case NEW!!! Shockproof Black
```

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wanda ya baka wannan shawarar ta maimaici gaskiya bai taimake ka ba, amma gyaran ba wuya, mu bi taken naka kalma-kalma.

Na ƙirga shi, harufa 99 ne, kuma ka sani a wajen nan ba harufa kaɗai ake ƙirgawa ba, tazarar dake tsakanin kalma da kalma ma guda ɗaya ce, waƙafi ɗaya ne, alamar motsin rai ɗin nan uku da ka jera uku ne. To idan aka yanke a na 80 taken naka zai tsaya ne a tsakiyar `NEW!!!`, kaga kenan `Shockproof` da `Black` sun faɗi waje, alhali su biyun ne kawai a ƙarshen nan suke gaya wa mai saye wani abu game da rigar, ɗaya yace tana tare buguwa ɗaya yace baƙa ce.

Abinda injin binciken yake fara yi shi ne ya duba ko kalmomin da mai saye ya rubuta suna cikin bayanan kayanka. Mutum ya rubuta `galaxy a54 case`, injin zai duba akwai galaxy? akwai. A54? akwai. Case? akwai. Shikenan ka shiga sahun waɗanda za a iya nunawa, kuma `Case` ɗin farko shi ya shigar da kai, na biyu da na uku da na huɗu babu ƙofar da suka buɗe maka. Daga nan wanda zai hau sama da wanda zai sauka ƙasa wasu abubuwa ne ke yanke hukunci, irin su yadda mutane ke danna kayan idan sun gani, ko suna saye, rukunin da ka saka shi, cikar bayanansa da kuma tarihinka na mai saidawa. To take mai cike da maimaici ma cutar da kai yake a wannan matakin, don mutum na gungurawa a waya da sauri, ya ga Case Case Cover Case bai ga ko da me aka yi ta ba, sai ya wuce na ƙasa da kai.

Yanzu lissafi. `Case` ya zo sau huɗu, ukun da suka ƙaru kowanne harufa biyar ne har da tazararsa, 15 kenan. `Phone` na biyu shida, `Cover` na biyu shida, ya zama 27. Sai `Best Quality NEW!!!` da suka cinye 20. Babu mai rubuta best quality a wajen bincike yana neman rigar waya, ko ya rubuta ma kowa haka yake cewa kan kayansa, shi kuwa sabo ko tsoho ai akwai gurbinsa daban mai suna `Condition`, can ake zaɓa, kuma mai saye da can yake tacewa. Ka haɗa 27 da 20, harufa 47 ne suka tafi a banza, kusan rabin taken. Idan ka cire su abinda ya saura 52 ne:

```
Phone Case Samsung Galaxy A54 Cover Shockproof Black
```

Kaga baka rasa kalma ko ɗaya mai amfani ba, ga kuma gurbin harufa 28 a hannunka. Anan ne aikin yake, me za ka zuba a ciki, kuma wanne zai zo gaba.

Ni yadda nake jerawa, farko menene kayan, sai na wa ne ko na wace na'ura ne, sai abinda ya bambanta shi da 'yan'uwansa wato kayan da aka yi shi da shi ko girma ko adadi, launi a ƙarshe. Idan kaya ne mai sunan kamfani sananne to sunan kamfanin da lambar samfurin su ke fara zuwa don da su ake nemansa. Dalilin da yasa jerin yake da muhimmanci shi ne a waya ba lallai a nuna taken duka ba, sau da yawa ana gutsure shi a saka ɗigo uku, kuma inda ake gutsurewa ya danganta da faɗin sikirin da manhajar, saboda haka ka ɗauka harufa talatin zuwa arba'in na farko su ne kake da tabbacin za a gani, dole su iya tsayawa da ƙafarsu. Ga yadda zan rubuta naka, in dai silikon ce kuma bata sheƙi, idan ba haka bane ka canja da abinda yake gaskiya:

```
Case for Samsung Galaxy A54 5G Shockproof Silicone Phone Cover Matte Black
```

Wannan 74 ne. Harufa talatin na farko sun riga sun ce riga ce, kuma ta A54 5G ce. Ka lura na bar `Case` na kuma bar `Cover`, wannan ba maimaici bane, kalmomi ne biyu daban da mutane daban suke nema da su, wani case yake rubutawa wani cover, to kowacce tazo sau ɗaya. Iyakar kenan tsakanin abinda ya halatta da cushe: kalma daban mai kawo wani mai nema daban ta cancanci gurbinta, kalma ɗaya sau biyu bata kawo kowa. Amma kar ka ɗauki wannan ya zama lasisin jera case cover pouch shell skin protector a layi, biyu sun isa, kuma su zama sunayen da suka dace da abin da gaske.

Ƙaramar kalmar nan `for` kuma kar ka raina ta. Rigar ba Samsung ne suka yi ta ba, ta wayar Samsung ce, idan ka rubuta Samsung Case kai tsaye kamar kana cewa kayan kamfanin ne, mai saye na iya dawo da ita yace ba abinda aka siffanta masa bane, kuma za a iya sauke maka tallar. Haka nan kar ka kuskura ka cusa sunan wata waya da rigar bata shiga, irin mutum ya ƙara iPhone a ƙarshe wai don masu neman iPhone su gani, eBay sun haramta saka kalmomin da basu da alaƙa da kayan, kuma ko basu kama ka ba wanda ya zo neman rigar iPhone me zai yi da taka?

Saura harufa shida. Zaka iya ƙara `Slim` ya zama 79 idan siririya ce da gaske, idan ba haka ba ka barshi a 74, ba wanda yace sai ka cika ma'aunin fal.

Sauran abubuwan da kake jin zafin barinsu a waje suna da gidajensu. A eBay akwai `Item specifics`, inda zaka cika `Compatible Brand`, `Compatible Model`, `Material`, `Color` da sauransu, kuma waɗannan su ne mai saye yake tacewa da su a gefe, idan ka barsu fayau to da ya danna baƙi ko silikon kayanka na iya ɓacewa daga jerin ko da taken naka ya faɗa. Mutane da yawa sai su ɓata awa guda kan take su bar wannan wajen babu komai. Wani abu kuma, idan talla ɗaya ce mai launuka da yawa da mutum zai zaɓa, to cire launi daga taken gaba ɗaya, kar ka rubuta Black alhali akwai ja da shuɗi a ciki, kuma kar ka jera su duka.

Idan kana saka kaya a wasu kasuwannin kar ka kwafi take ɗaya ka liƙa ko'ina. Etsy 140 suke bayarwa, ga kuma `tags` guda 13 kowanne harufa 20, can ne wajen kalmomin da suka rage maka. Amazon a Janairun 2025 sun ƙayyade 200 a yawancin rukunai, kuma suka saka doka cewa kalma ɗaya bata wuce sau biyu a take, banda ƙananan kalmomin haɗi irin su `for` da `and`, sannan alamomi irin `!` da `$` da `?` basa shiga sai dai idan cikin sunan kamfanin suke. Kaga takenka na farko a can laifi biyu ya yi lokaci ɗaya. Ni dai shawarata ka fara rubuta na 80 ɗin, don shi ke tilasta maka ka zaɓi abinda ya fi muhimmanci, idan kazo inda gurbi ya fi yawa sai ka ƙara bayani a bayansa ba tare da ka taɓa farkon ba.

Wajen ƙirga kar ka dinga yi da ido. Idan kayanka da yawa ka zuba taken a Excel ko Google Sheets, a layin gefe ka saka:

```
=LEN(TRIM(A2))
```

`TRIM` yana share tazarar da ta ninku da wadda ta maƙale a farko ko ƙarshe, `LEN` kuma ya baka adadin. Sai dai ka kula, adadin da zai baka na gyararren ne, to gyararren da `=TRIM(A2)` zai fitar maka a wani layin zaka kwafa, ba na asalin mai tazara biyu-biyu ba.

Ta ya zaka gane gyaran yayi aiki? Ka shiga `Seller Hub` wajen `Traffic`, zaka ga sau nawa aka nuna kayanka da kuma sau nawa aka danna. Idan nunawar ce tayi ƙasa, to akwai kalmar da ake nema da ita wadda babu a takenka ko a bayanan, ko kuma rukunin da ka zaɓa ba daidai bane, sai ka je wajen bincike ka fara rubuta galaxy a54 ka ga abinda yake cika maka da kansa, waɗannan su ne kalmomin da mutane ke bugawa. Idan kuwa ana nunawa sosai amma ba a dannawa, to kalmomin sun isa, matsalar farkon taken ne ko hoton farko ko kuɗin da ka saka. Kuma don Allah idan ka canja take ka bar hoto da kuɗin yadda suke na sati ɗaya ko biyu, in ka canja uku rana ɗaya ba zaka san wanne ya motsa lambobin ba.